Sanda Huɗu a Ɗakin Baba Dramani

Baba Dramani yana da shekara hamsin da tara lokacin da ya fara shafa turare kafin ya amsa waya. Ya san turare ba ya bin waya, direban bas ɗin makaranta ne, ba mahaukaci ba. Amma da ya ji lokaci ya yi sai ya tsinci kansa gaban madubi, ya fesa a wuya, ya fesa a hannun riga, ya gyara hula zuwa hagu, ya mayar da ita dama, sannan ya zauna a bakin gado yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Mai kiran kuwa Hajiya Habibatu ce, mai sayar da atamfa a Aboabo ta Kumasi, wadda mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. Shi ma tasa matar ta rasu da jimawa. A wani biki suka haɗu lokacin da ya je hutu gida, ta ce masa hularsa ta karkace, shi ke nan, tun daga ranar hular ba ta sake samun zaman lafiya ba.

Yana zaune ne a Doha ta ƙasar Katar, a unguwar Matar Kadim, a wani gida da aka yanyanka ɗaki ɗaki, iyali uku da gwauraye huɗu, yawancinsu mutanen Zongo daga Gana. Aruna ne ya kama gidan da sunansa, amma matarsa Wasilatu ce take riƙe da shi. Ɗakin Baba Dramani shi ne mulhak, wato ɗan ɗakin nan na can baya, sai ka ratsa falo, ka bi dogon lungu, ka wuce kicin, ka fita ƙofar baya, ka tsallaka ɗan tsakar gida kafin ka iso. Shi ya zaɓe shi don ba hayaniya. Rautar gidan, wato akwatin da ke raba intanet, tana falo kusa da ƙofar shiga, inda ma'aikatan kamfani suka kafa ta, kuma tsakaninta da mulhak akwai katangar siminti huɗu, irin ginin Doha wanda ko ƙusa sai ta yi gardama kafin ta shiga. Ko layin waya na sim da ƙyar yake leƙa ɗakin.

Da mutanen ɗakunan baya suka yi ta kukan wayfay ba ya kai musu, sai aka sayo ƙaramin akwati fari, wanda yake kamo saƙo daga babbar rauta ta iska ya ƙara watsa shi gaba. 'Yan gidan suka raɗa musu suna uwa da ɗa. Ranar da aka kawo ɗan, aka yi zama a falo a kan inda za a ajiye shi, kuma zaman bai daɗe ba, don Aruna ya ce ai ba a maganar wani ɗaki alhali Baba yana gidan. Kowa ya ce haka ne. Baba Dramani ya yi ta cewa a'a, a'a, ku bari, da irin muryar da ke nufin to. Tanko, wani Bakano mai gadi a wani dogon gini, shi aka ba aikin haɗawa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurar Baba, ya rufe. Ya kai akwatin mulhak, ya ɗora shi a kan durowa tsakanin kwalbar zuma da agogo.

Nan take wayar Baba ta nuna netwok sanda huɗu cif. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Akwai wata 'yar fitila a gaban akwatin mai launin ruwan lemo, Baba ya ce kalar ta yi masa kyau.

Tun daga nan aka shiga wani hali. Ya kira Hajiya, su gaisa lafiya lau, ta tambayi aiki, ya tambayi kasuwa, ta yi dariya, zuciyarsa ta yi tsalle kamar bas a kan tudun titi. Sai ya gyara murya zai shiga maganar da ta kawo shi, sai fuskarta ta tsaya cak, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe. Ya yi ta halo, halo. Ya duba saman waya, sanda huɗu. Tunda sanda huɗu ne, laifin ba daga nan ba ne. Kowa ya san netwok ɗin Katar ba ya faɗuwa, ƙasar da ko filin ƙwallo an sa masa esi. Sai ya rubuta mata cikin tausasawa cewa Allah ya gyara mana netwok ɗin Gana. Saƙon ma yakan yi minti biyar yana juyi kafin ya tafi.

Sau uku ya kai bakin maganar aure, sau uku tana daskarewa. A na huɗu sai ga saƙon murya daga Hajiya, kuma babu dariya a ciki.

"Malam Dramani, ka daina zagin netwok ɗin Gana. Jiya awa ɗaya na yi ina magana da 'yata a Jamus, a kujerar nan, da wayar nan, ko tari bai yi ba. Kai kaɗai ne kake yankewa, kuma kullum sai zance ya zo wurin. Ko dai akwai mai shigowa ɗakin ne kake kashewa? Ni ba yarinya ba ce. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ƙarfe biyu namu, Yaya Badaru zai zo gidana. Ka kira, ka nuna masa ɗakin da kake kwana, ka faɗi abin da ke bakinka a gabansa. In ka yanke, to ka yanke ke nan."

Yaya Badarun nan, wato Alhaji Badaruddeen, shi ne wanta kuma waliyyinta, tsohon ma'aikacin kwastan, mutumin da bai taɓa yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Ƙarfe biyu na Kumasi kuwa biyar ne na yamma a Doha.

Baba Dramani ya saurari saƙon sau bakwai. Tsoro ya kama shi, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ke ta yi masa cakulkuli: kishi take yi! Mace mai shago biyu a Aboabo tana kishi a kansa! Ranar Alhamis ya wuce kwanar wata ɗaliba sau biyu, har mai kula da yara a bas ta tambaye shi ko lafiya.

Falo yana da netwok, ya sani. Amma ranar Juma'a da yamma falo kasuwa ne, yara, ƙwallo a talabijin, masu guga. Dattijon gida ba ya zama a tsakiyar yara yana neman aure, kuma ma ɗaki aka ce a nuna. Babu wanda ya san zancen Hajiya a gidan, ko kuma haka yake zato.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya share ɗaki, ya canza zanen gado, ya ɓoye tukunyar da yake dafa shayi a bayan durowa, ya sa farar shadda. Ya goge ɗan rautar da tsumma har yana ƙyalli. Ƙarfe huɗu da kwata, bayan la'asar, ya ce bari ya gwada. Ya kira wani abokinsa a Aziziya, nan cikin Doha, babu Gana a zancen. Abokin ya ce "Salamu alai" ya daskare.

Baba ya dubi sandunan nan huɗu, suka dube shi. Ya fita tsakar gida, zafin Satumba mai ɗanshi ya rufe masa tabarau da hazo, ya lalubi ƙofar kicin ya shiga.

Wasilatu tana tsaye a kan tukunyar wake da shinkafa, ana soya shito, yajin nan na Gana, a gefe, ƙamshin barkono ya cika wurin. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Baba, wannan turaren fa? Jirgi za ka tara?"

"Ina Tanko?"

"Yana barci, dare zai yi aiki. Lafiya?"

"Akwai wani kira mai muhimmanci ƙarfe biyar. Na, na kamfani ne. Kafil, ubangidana a wurin aiki."

"Kafil," in ji Wasilatu, tana juya ludayi a hankali. "Kafil ɗin nan mai shago a Aboabo?"

Baba ya nemi kujera ya zauna.

"Wa ya gaya miki?"

"Baba, ƙanwar mamana layinsu ɗaya a kasuwa. Tun watan azumi muka sani. Har Aruna ya zaɓi yadin da za mu yi anko." Ta ajiye ludayi ta leƙa lungu. "Tanko! Tanko! Yalla, fito, aure zai mutu tun ba a ɗaura ba!"

Tanko ya fito da singileti, ido jawur, yana jan silifa. Da ya ga Baba cikin shadda sai ya rusuna ya gaishe shi. Wasilatu ta zayyana masa komai cikin numfashi ɗaya, Baba yana kallon silin kamar ba da shi ake ba.

"Ga shi sanda huɗu," in ji Baba, "amma ba ya tafiya. Ko akwatin nan jabu aka sayar mana?"

Tanko ya sosa ƙeya. Ya dubi Wasilatu.

"Faɗi mana," ta ce. "Ba mai cinye ka."

"Wallahi Baba akwatin lafiyarsa ƙalau. Wurin da yake ne." Ya nuna wayar Baba. "Sandunan nan da kake gani, tsakanin wayarka da ɗan ne kawai. Yana kusa da kai, dole su cika. Amma ba sa gaya maka komai a kan tsakanin ɗan da uwar. Shi ɗan ba shi da intanet nasa, abin da ya jiyo daga falo shi yake ba ka. To daga ɗakinka katanga huɗu ce, da ƙyar yake jin ta. Saƙon rubutu yana lallaɓawa ya wuce, amma bidiyo ba zai iya ba."

Baba bai gamsu ba.

"Baba, ka san ranar idi, mai karɓa wa liman kabbara," in ji Tanko. "In ka kai shi can sahun ƙarshe ka tsayar da shi kusa da kunnenka, za ka ji muryarsa rangaɗau. Amma shi bai ji liman ba. Me zai faɗa maka?"

"Sai ya tsaya inda yake jin liman," in ji Baba a hankali, "mu kuma muna jin sa."

"Khalas. Shi ke nan maganar. Fitilar nan ma mai ruwan lemo, ba ado ba ce, kuka yake yi. In ya ji uwar da kyau fara take zama."

"Tun yaushe ka san wannan?"

Tanko ya dubi silifansa. "Tun ranar da aka kawo shi. Yana rubuce a takardar cikin kwalin."

"Wata biyar!" Baba ya miƙe. "Wata biyar ina zagin ƙasata a banza! Me ya hana ka magana?"

"Baba, an ce ɗakinka za a kai. Ni wa, in ce a fitar da abu daga ɗakin babba?"

"Mu ma na ɗakunan baya haka muke fama," in ji Wasilatu. "Wayoyinmu sai su maƙale wa naka saboda ya fi ƙarfi, sai mu yi ta kallon abu yana juyi. Falo muke zuwa. Kowa ya yi shiru, kar a ce an raina ka."

Girmamawa abu ne mai kyau, kowa yana faɗa, amma ba a cika lissafa abin da take ci ba. A gidan nan ta ci kiran bidiyo na mutum tara har wata biyar, kuma tana shirin cin Hajiya Habibatu. Agogon kicin ya nuna biyar saura ashirin da biyar.

Baba Dramani da kansa ya tsallaka tsakar gida, ya cire filogi, ya rungumo akwatin a ƙirjin shaddarsa. Yara suka ji hayaniya suka fito, Aruna ya bar ƙwallo, gwaurayen suka leƙo. Cikin minti ɗaya lungu ya cika, kowa da shawararsa.

"Da akwai doguwar waya da mun ja daga uwar har ɗakin, an huta har abada," in ji Tanko. "Amma mita talatin ce, sai an je kanti. Ba lokaci. A nemo soket a tsakiya."

Soket na farko yana ƙasan lungu, bayan injin wanki. Tanko ya ce ƙarfe zai tare shi, kuma ƙasa ba ta yi, sama ake so. Aka tafi kicin. Aruna ya ce a ɗora a kan na'urar ɗumama abinci, Tanko ya ce a'a, in aka kunna ta takan dagula saƙo. Aka gwada soket ɗin kusa da ƙofar baya. Akwatin yana ɗaukar kusan minti biyu kafin ya farka, kuma mutum goma sha ɗaya suka tsaya shiru suna kallon fitila tana ƙyaftawa, shito yana ƙonewa ba wanda ya kula. Ta tsaya. Ruwan lemo.

"Wayyo!" in ji gidan gaba ɗaya.

"Ya yi nisa har yanzu, firij ya tare shi," in ji Tanko. "A matso."

Saura minti goma sha huɗu. Baba ya ji dariya tana taso masa ba dalili. Wasilatu ta ja kujera ta hau, ta kwashe gwangwanayen gari da na tumatir daga kantar da ke saman ƙofar kicin, tana miƙa wa duk wanda ke kusa. Daga kantar, in ka dubi gaba, lungu ne miƙe har ƙofar falo, in ka waiwaya kuma taga ce mai kallon mulhak. Aka jawo wayar ƙari daga soket ɗin butar shayi. Aka sake jira. Wani yaro ya fara ƙirga, aka ce ya yi shiru.

Fitila ta zama fara.

Ihu ya tashi kamar an ci ƙwallo. Baba ya tattare shadda ya ruga ɗakinsa, abin da ba a taɓa gani ba, ya rufe ƙofar ƙarfe ya dubi waya. Sanda ɗaya. Ya fito a gigice.

"Tanko! Ka kashe ni! Da huɗu nake da su!"

"Buɗe ƙofar, Baba, ƙarfe ce. Ka zauna saitin tagar kicin."

Ya buɗe, ya ja kujera. Biyu. Uku. Ya dube su da zargi, don mutum ba ya rabuwa da huɗu ya karɓi uku da daɗin rai. Tanko ya ce ya gwada. Ya kira abokin nan na Aziziya, abokin ya ƙarasa sallamarsa, ya ɗora da labarin ciwon gwiwarsa, hoto tar, har Baba ya kashe masa waya da gangan, karo na farko a wata biyar.

Sai a lokacin ya gane abin da ya rage. Ƙofa a buɗe za ta zauna, sanyin esi yana fita, zafi yana shigowa, kuma tagar kicin tana nan taku shida daga bakinsa, cike da fuskoki.

"Ku watse," ya ce.

"Mun watse, Baba," in ji Wasilatu. Fuskokin suka sauka ƙasa da taga, amma ana ganin saman ɗankwalinta.

Ƙarfe biyar daidai ya danna. Hajiya Habibatu ta bayyana cikin mayafi shuɗi, kusa da ita wani dogon tsoho mai tabarau a kan hanci. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Baba yana ta satar kallon saman waya. Alhaji Badaruddeen ya ce a zagaya da shi ɗakin. Baba ya tashi ya nuna gado, durowa, agogo, sallaya, yana kaffa-kaffa kada ya yi nisa da ƙofa.

"Buɗe durowar," in ji Alhaji.

Ya buɗe. Riguna ne da kakin aiki.

"Bayanta fa? Na hango hannun wani abu."

Baba ya jawo tukunyar shayi ya ɗaga ta. Daga ƙarƙashin taga wani ya shaƙe da dariya, aka ji an buge shi.

"Me ya sa ƙofarka a buɗe cikin wannan zafi? Gumi kake yi."

"Saboda netwok, Alhaji. Ashe laifin daga wurina ne, ba daga Gana ba. Hajiya, ki yafe mini, na ɗora wa ƙasa laifin da ba nata ba."

Hajiya ta gyara mayafi, tana danne dariya. "Minti tara ke nan ba ka daskare ba, Malam Dramani. To muna jin ka."

Ya gyara hula. Ya ji lungu ya yi tsit, har talabijin an kashe. Ya yi tunanin ya rage murya, sai ya tuna Alhaji yana saurare da kunnen kwastan, kuma raɗa ba ta yi kama da gaskiya ba. Don haka ya faɗa da muryar da yake tsawata wa yaran kujerar baya.

"Alhaji, ina neman auren ƙanwarka Habibatu. Ina son ta tun ranar da ta ce hulata ta karkace. Ba ni da kowa a ɗakin nan sai tukunyar nan."

Alhaji Badaruddeen ya cire tabarau ya goge, ya mayar, bai yi sauri ba. Hoton bai motsa ba na ɗan lokaci, har zuciyar Baba ta faɗi, sai ya ga fanka tana juyawa a bayansu, ashe tsohon ne kawai yake tunani.

"Kana da manya a Kumasi?"

"Akwai kawuna a Sabon Zongo."

"Ka turo su Lahadi mai zuwa."

Guɗar Wasilatu ta fasa tagar kicin, ta cika tsakar gida, ta shiga waya. Alhaji ya zabura har tabarau ya zame.

"Wace ce wannan? Ka ce ba kowa!"

"Mutanen gida ne, Alhaji, wallahi matar Aruna ce, ga mijinta nan, Aruna, fito a gan ka!"

Suka fito gaba ɗaya, Aruna da Tanko mai singileti da yara da gwauraye, Wasilatu da ludayi a hannu, suka cushe a bakin ƙofa kowa yana son ya gaida amarya. Hajiya ta rufe fuska da mayafi tana dariya har kafaɗunta suna girgiza. Sai hoton ya fara yagewa.

"Ku matsa daga ƙofar!" in ji Tanko da ƙarfi. "Jikin mutum ma yana tarewa! Ɗaya bayan ɗaya!"

Suka yi layi a jikin bango, a cikin rana, Aruna a gaba. Baba Dramani ya riƙe waya saitin taga, yana kiran sunayensu yana gabatar da su, kowa ya zo ya durƙusa ya gaida Alhaji ya wuce.